Ƙugin da Ke Bin Murya a Bidiyo, da Abin da Cire Shi Ke Ci

Mai ɗaukar bidiyo da ƙaramar kyamara yakan san halin da sautinsa ke ciki ne bayan ya koma gida. A wurin ɗauka komai ya tafi daidai, hoto ya yi kyau, mai magana ya faɗi abin da ake so. Sai an sa abin ji a kunne a gaban kwamfuta sannan a ji wani ƙugi yana tafe ƙarƙashin muryar, zzzz, tun daga sakan na farko har na ƙarshe, ba ya hutawa. Idan bikin aure ne ko hira da dattijon da ya zo daga nesa, ba a sake ɗauka. Abin da ya rage shi ne gyara, kuma gyaran da ake yawan komawa gare shi shi ne wanda ake buɗe sautin a gan shi da ido a allon kwamfuta, a nemi ƙugin, a goge shi. Aikin yana ci, amma yana da farashi, kuma muryar mai magana ce ke biya.

Ya kamata a fara sanin daga ina ƙugin yake fitowa, don asalinsa ne ke nuna siffarsa. Makirfon da ke jikin kyamara mai araha, da irin wanda ake ɗora mata a ka a soka a ƙaramin rami mai faɗin milimita 3.5, sautin da suke fitarwa rarrauna ne ƙwarai. Dole kyamara ta ƙara masa ƙarfi sau da yawa kafin ta adana shi, kuma duk dattin da ya shiga wayar kafin nan tare za a ƙara su. Wayar irin wannan makirfo ba ta da tsarin da wayoyin ɗakin ɗaukar sauti masu ƙafa uku suke da shi na soke dattin lantarki, shi ya sa take kwasar abin da ke kusa da ita. Babban mai laifi shi ne wutar gida. A Najeriya da Nijar wutar tana kaɗawa sau 50 a kowane sakan, abin da ake rubutawa 50 Hz, a Amurka kuwa sau 60. Idan an bar kyamara a jone da caja mai araha ana ɗauka, ko wayar makirfo ta kwanta kusa da wayar wuta, wannan kaɗawa takan shiga cikin sauti.

Da a ce 50 Hz ɗin ne kaɗai, da abin ya zo da sauƙi, don sauti ne mai kauri can ƙasa wanda lasifikar waya ba ta ma iya fitar da shi. Amma caja da fitilu na zamani ba sa jan wuta a hankali, fizgarta suke yi, kuma kowace fizga tana haifar da ninke-ninken wannan lamba: 100, 150, 200, 250, haka har zuwa dubu biyu ko fiye. Waɗannan ninke-ninke su ne ke mayar da gurnani mai laushi ya zama ƙugi mai kaifi da ke damun kunne. Akwai kuma wani ƙugin na dabam da wayar salula ke jefawa idan tana kusa da makirfo tana neman sabis a kan tsohon tsarin GSM, wanda ke bugawa kusan sau 217 a sakan, amma shi yana zuwa ya wuce. Na wuta shi ne mai zama daram, kuma a kansa za mu tsaya.

Manhajojin gyaran sauti suna iya nuna sauti ta fuska biyu. Wadda kowa ya saba gani ita ce mai kama da tsaunuka, tana nuna ƙarfin sauti kawai, kuma a cikinta murya da ƙugi sun cakuɗe ba a iya raba su. Ta biyun, wadda a Audacity aka rubuta mata Spectrogram, ita ce taswirar sauti. Daga hagu zuwa dama lokaci ne, daga ƙasa zuwa sama kauri ne zuwa siranta, haske kuwa yana nuna ƙarfi. A wannan taswira ƙugin wuta yana bayyana a matsayin layuka miƙaƙƙu a kwance, ɗaya bisa ɗaya, tazararsu daidai wa daida, sun ratsa daga farkon fayil zuwa ƙarshensa. Murya ma layuka ce a jere, amma nata suna lanƙwasa, suna hawa suna sauka, suna yankewa duk inda mai magana ya ja numfashi. Wanda ya taɓa ganin wannan sau ɗaya ba zai sake rikita su ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. An yi hira da wani dattijo a ɗaki, wutar janareta ce, kyamara tana kan caja, makirfon kuma yana kan kyamarar, taku uku daga bakinsa. An ciro sautin daga bidiyon an ajiye shi a tsarin WAV, an kuma ɓoye kwafin asali inda ba za a taɓa shi ba. Matakin farko shi ne a nemo wurin da ba kowa ke magana ba, ko da sakan biyu ne, a zaɓe shi, a buɗe Plot Spectrum. Nan za a ga tsinaye a tsaye, kuma idan aka ɗora alama a kan kowanne manhajar za ta faɗi lambarsa. A misalinmu sun fito a 50, 100, 150, har zuwa wajen 2000, wato layi arba'in, kuma na 150 da 250 da 350 sun fi sauran tsawo, abin da aka saba gani a ƙugin caja. Wannan aunawa ba ɓata lokaci ba ce. Wanda ya yi zato ya sa 60 inda ya kamata ya sa 50 zai huda muryar a wuraren da babu ƙugi, ya bar ƙugin yana nan.

Daga nan sai gogewa. A Audacity, wadda kyauta ce, ana jan akwati siriri a kan layin a cikin taswira, a kira Spectral Delete ya share abin da ke ciki, ko Spectral Edit Parametric EQ ya rage shi da adadin da aka zaɓa. A iZotope RX, wadda ta kuɗi ce kuma ta shahara a wurin masu gyaran sautin fim, akwai Spectral Repair, wanda ke yin abin da ya fi sharewa wayo: yana duba abin da ke kewaye da wurin da aka zaɓa, ya rage shi har ya yi daidai da maƙwabtansa, ko ya cire shi ya cike gurbin da abin da ya ƙiyasta daga gefe da gefe. Adobe Audition ma yana da irinsa mai suna Spot Healing Brush.

A nan ne matsalar farko take, kuma mutane da yawa ba sa lura da ita. An ƙera wannan dabara ta cike gurbi ne don gajerun ƙararraki, kamar tari, ko ƙarar kujera, ko kukan zakara a tsakiyar jimla. Irin waɗannan suna da sauti mai tsabta kafinsu da bayansu, daga nan manhajar ke aron abin da za ta cike gurbin. Ƙugi mai ɗorewa ba shi da kafin, ba shi da bayan, duk inda manhajar ta duba hagu ko dama shi za ta tarar. Maƙwabtan da suka rage mata su ne na sama da na ƙasa, wato sautin da ke tsakanin layi da layi, kuma tsakanin nan 50 Hz ne kacal. Saboda haka wanda zai yi aiki da Spectral Repair a kan ƙugi ya zaɓi Attenuate, ya sa shi ya kwatanta da sama da ƙasa, ya bar Replace don ƙarar da ta zo ta wuce. Idan aka sa Replace a kan layin ƙugi mai ɗorewa, abin da za a samu ƙirƙira ce, ba muryar mutumin ba.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, don a cikin lissafin kanta take. Kafin kwamfuta ta zana taswirar nan, tana yanka sautin gunduwa-gunduwa ta auna kowace gunduwa, kuma girman gunduwar shi ne abin da ake gani an rubuta Window size. Kyamarori galibi suna ɗaukar awo 48,000 a sakan. Idan gunduwa tana da awo 2048, tsawonta kusan kashi 43 cikin dubu na sakan ne, amma ba ta iya bambanta sautuka biyu da tazararsu ta gaza kimanin 23 Hz, don haka layukan ƙugi za su fito da kauri suna neman haɗewa. Idan aka ɗaga zuwa 8192, layukan za su fito sirara tas, ana bambanta kusan 6 Hz, amma gunduwar ta kai kashi 171 cikin dubu na sakan, wato ta kai tsawon gaɓar kalma guda a maganar yau da kullum. Ba a samun duka biyun. Wuƙar da ta yi sirantar da za ta yanke layin ƙugi kaɗai, aikinta yana bazuwa a kan lokaci, ya taɓa abin da ke gaba da abin da ke baya.

Yanzu mu koma ga dattijonmu. Muryar namiji babba tana kaɗawa tsakanin kusan 85 da 180 Hz, ta mace tsakanin kusan 165 da 255. A ce tasa tana zaune a 120. Ita ma tana da nata ninke-ninken, 240, 360, 480, 600, kuma ga shi na biyar ya faɗa daidai kan layin ƙugi na goma sha biyu. Wannan ma idan ya tsaya a 120 ke nan, alhali ba mai magana da ke tsayawa wuri ɗaya. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, kuma jimla takan fara a sama ta riƙa gangarowa har ƙarshenta. Duk lokacin da muryar ta motsa, layukanta suna tsallaka layukan ƙugi. Idan ya sauko daidai 100 a ƙarshen jimla, kowane ɗaya daga cikin ninke-ninkensa, 100, 200, 300, 400, ya hau kan layin da aka goge. A wannan ɗan lokaci manhajar ba ta da hanyar sanin wanne ne caja wanne ne mutum, sai ta kwashe su tare. Abin da kunne ke ji shi ne murya tana cika tana ramewa a cikin kalma ɗaya, ƙarshen jimloli kuma suna dusashewa. Abin ya yi kama da mai zare bakin zare daga zanen da aka yi wa ado: zaren yana fita, amma duk inda ya ratsa ta cikin adon sai ya bar rami.

A yi lissafin abin da aka rasa. Layi arba'in, kowanne an share masa faɗin 12 Hz, ya zama 480 Hz daga cikin 2000 na farko, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yankin da wasula suke zaune. Shi ya sa muryar da aka yi wa haka take fitowa da amon bututu. Ma'anar kalmomi ba ta cika ɓacewa, don kunne yana iya gane hawa da saukar murya daga ninke-ninken da suka rage ko da an cire na ƙasan, kamar yadda muke gane magana a waya. Abin da ke tafiya shi ne kaurin muryar da ɗuminta, abin da jikokinsa za su ji su ce wannan Baba ne. A hira irin wannan, a ganina, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Mai gyara zai ce to a sirantar da yankan mana, a mayar da shi 1 Hz ko 2. A kan wutar da ba ta motsi hakan yana taimakawa, kodayake yanka mai siranta sosai yana da nasa aibin: yana barin ɗan amo kamar na ƙarfe yana bin bayan kowane sauti mai ƙarfi, kuma a faɗin 1 Hz amon yakan ja wajen sulusin sakan kafin ya lafa sosai. Amma wutar dattijonmu ta janareta ce. Ƙaramin janareta yana ba da 50 Hz ne idan injinsa yana juyawa sau 3000 a minti, kuma da zarar firji ya tashi ko an kunna dutsen guga sai gudun ya sauya. Idan layin farko ya gusa da 1 Hz kawai, na ashirin zai gusa da 20. A taswira za a ga layukan ƙasa kusan a miƙe, na sama kuwa suna rawa. Siririn yanka zai kuskure su, faffaɗa kuma zai ci murya. Mafita ita ce a raba fayil ɗin kashi-kashi a bi layin inda ya koma, ko a yi aiki da abin da ke bin sa da kansa, irin De-hum na RX idan an sa shi a yanayin da yake sauraro yana gyara lambarsa.

Sauran layukan sama, waɗanda suka yi yawa ga hannu, akan miƙa su ga Noise Reduction. Ana nuna masa wurin shiru da Get Noise Profile, ya haddace siffar dattin, ya riƙa rage ta a duk fayil ɗin. Tushen dabarar tsoho ne, Steven Boll ya bayyana ta a 1979, kuma tun a shekarar masana suka san aibinta. Idan aka matsa mata, tana barin ƙananan ɗigo-ɗigon sauti suna ƙyaftawa nan da can, wani ƙil-ƙil a bayan murya, muryar kuma ta zama kamar daga cikin ruwa take fitowa. Baƙaƙe ne suka fi shan wuya. Sautin s da sh da f iska ce kawai, siffarsu a taswira irin ta datti ce, sai manhajar ta ɗauke su datti ta rage su. Su kuma ƙ da ts da ɗ da ɓ, da r mai bugawa, abin da ke bambanta su gajere ne ƙwarai, ɗan fashewa ko ɗan tsayawa na ƙiftawar ido, kuma gunduwa mai tsawo tana shafe gefensu. Mai jin Hausa zai ji ƙ ta yi laushi tana neman komawa k tun kafin mai gyaran da ke kallon allo ya ga wani abu ya sauya.

Kyamara mai araha tana ƙara wani tarko a nan. Yawancinsu suna daidaita ƙarfin sauti da kansu: idan aka yi shiru sai su buɗe kunne, idan aka yi magana su rage. Ma'ana ƙugin da ke wurin shiru ya fi wanda ke ƙarƙashin magana ƙarfi. Wanda ya ɗauki samfurinsa daga dogon shiru ya koya wa manhajar ƙugi mai ƙarfi, ita kuma za ta cire wannan adadin daga wurin da ƙugin bai kai haka ba, ragowar ta fito daga jikin muryar. Gara a ɗauki samfurin daga ɗan gajeren shirun da ke tsakanin jimloli biyu, kafin kyamarar ta gama buɗewa.

Yadda nake ganin ya dace a bi da fayil ɗin dattijon shi ne daga ƙasa zuwa sama, kuma da sauƙin hannu. Duk abin da ke ƙasa da 70 ko 80 Hz a yanke shi da High-Pass Filter, layin 50 ya tafi ba tare da an taɓa muryarsa ba. Sai a koma kan layukan da suka fi tsawo a awon farko, 150 da 250 da 350, da wataƙila biyu ko uku a samansu, a rage kowanne shi kaɗai. Idan da Notch Filter za a yi, lambar Q ita ce ke faɗin sirantarsa: a raba lambar layin da Q, abin da ya fito shi ne faɗin yankan, don haka Q na 30 a kan 150 yana yanke 5 Hz, a kan 600 kuwa 20 Hz, ke nan dole Q ya ƙaru yayin da ake hawa. Inda manhaja ta ba da dama, ragewa ta fi sharewa. Rage 12 dB yana mayar da girman kaɗawar layi kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sau da yawa hakan ya isa ya nutse ƙarƙashin magana, don murya mai ƙarfi tana rufe siririn sauti da ke kusa da ita a kunnen mai sauraro. A wuraren shiru, inda ba muryar da za a cuta, ana iya matsawa fiye da haka. Sai a ƙarshe a wuce da Noise Reduction sau ɗaya, tsakanin 6 da 9 dB.

Akwai gwaji guda da bai kamata a tsallake ba. A cikin Noise Reduction na Audacity akwai zaɓi mai suna Residue, De-hum na RX ma yana da irinsa, wanda ke sa a ji abin da ake shirin zubarwa maimakon abin da za a bari. Idan ƙugi kaɗai ake ji, hannu bai yi nauyi ba. Idan ana jin inuwar magana, har ana iya tsintar kalma, to muryar ce ake zubarwa, sai a sassauta. Bayan haka a saurari gyararren da na asali a ƙarfi ɗaya, a abin kunne sannan a lasifikar waya, tunda a waya yawancin mutane za su kalla. Ya fi kyau a samu wanda bai ji na asalin ba, a kunna masa jimla biyu a ce ya maimaita. Kunnen mai gyara ya riga ya haddace maganar, yana cike abin da ya ɓace da kansa ba tare da ya sani ba.

Wannan gwaji na ƙarshe yana da dalili. Binciken da Yi Hu da Philipos Loizou suka wallafa a 2007 ya gwada dabarun rage datti da dama a kan masu sauraro, ya tarar galibinsu ba su ƙara yawan kalmomin da ake ganewa ba, wasu ma sun rage. Sauti yana iya yin daɗin ji alhali fahimtarsa ta ragu. Saboda haka a fayil ɗin dattijon, idan an gama, za a bar ɗan ƙugi siriri da mai kasa kunne zai iya ji a tsakanin jimloli, kuma da gangan aka bar shi. Kada kuma a share wuraren shiru su zama wayam, don kunne ya fi lura da ƙugin da ke ɗaukewa yana dawowa da kowace kalma fiye da wanda ke kwance a hankali bai motsa ba.

A ɗauka ta gaba, gwajin minti ɗaya ya isa ya nuna tushen. A sa abin ji a kunne, ko a ɗauki ɗan gwaji a saurara idan kyamarar ba ta da ramin abin kunne, sannan a zare caja a koma kan batir. Idan ƙugin ya ɗauke, an gano shi. Idan bai ɗauke ba, a kashe fitilun ɗakin ɗaya bayan ɗaya, a raba wayar makirfo da wayoyin wuta, a nisanta wayoyin salula. A kashe daidaitawar kai-tsaye idan kyamarar ta yarda, a sa ƙarfin da hannu. Sannan a matso da makirfon: a fili, duk lokacin da aka rage nisa zuwa rabi murya tana ƙaruwa da kusan 6 dB, ƙugin da ke shiga ta waya kuwa yana nan yadda yake, don haka daga taku uku zuwa kamu ɗaya ko biyu an samu fiye da abin da Noise Reduction zai bayar. Kafin kowa ya tashi kuma, a roƙi mutanen ɗakin su yi shiru na sakan talatin kyamara tana ɗauka, don a samu wurin da za a auna layukan idan an zo gyara.